“Gwargwadon Iko”: Kalmomi Biyu da Suka Tona Asirin Mai Sito

Shekaru kaɗan da suka wuce aka saka ni cikin wani kwamiti na mutum biyar, aka ce mu sake duba takardar manufar kwarmato ta wata cibiyar ilimi da na taɓa yi wa aiki, wato takardar da ke faɗa wa ma'aikaci inda zai kai ƙorafi in ya ga ana zamba ko cin zarafi, da irin kariyar da zai samu in ya kai. Ban ɗauki aikin da muhimmanci ba da farko. A zatona gyaran nahawu ne da sauya wasu kalmomi, mu sha shayi, mu sa hannu, mu watse. Abin da ya sauya mini tunani shi ne wani dattijo da ya tare ni a bakin masallaci bayan sallar azahar, a ranar zamanmu na biyu.

Ya ce, “Dakta, an ce ku ne masu gyara takardar nan ta tona asiri?”

Na ce, “Mu ne, Baba.”

Ya ce, “To, don Allah ku rubuta a ciki cewa kada kowa ya yarda da ita. Ni na yarda, ga ni nan ina gadin kujeru.”

Wannan bawan Allah ya shafe shekaru yana kula da sito, kuma cikin aikinsa akwai karɓar man dizal na janareta. Tanka na zuwa da takarda mai cewa lita dubu 33 ce a cikinta, shi kuma ya zura sanda a tankin ajiya kafin a juye da bayan an juye, ya rubuta bambancin a littafinsa. Sau uku a jere ya ga abin da ya shiga tankin bai kai abin da ke takarda ba, kuma giɓin ya wuce a ce zafin rana ne ko kuskuren awo. Da ya yi magana, sai na gaba da shi ya ce ya sa hannu kawai, maganar ta fi ƙarfinsa. Ya sa hannu sau biyu, a karo na uku zuciyarsa ta ƙi, ya rubuta wasiƙa zuwa ga hukumar cibiyar. Ya yi hakan ne saboda ya karanta wata jimla a takardar da ke manne a allon sanarwa: “Za a ɓoye sunan mai kawo rahoto gwargwadon iko, kuma ba za a kori ma'aikacin da ya kawo rahoto da kyakkyawar niyya ba.”

Na roƙi izini na duba fayil ɗin, kuma abin da na gani ya fi duk wani darasi da na taɓa karantawa a kan wannan batu. Babu wanda ya zauna ya ƙulla masa sharri a ranar farko. Wasiƙar ta bi hanyar da kowace wasiƙa ke bi. Ma'aikacin rajista ya karɓa, ya buga hatimi, ya rubuta sunan mai wasiƙar da maudu'inta a babban littafin shigar wasiƙu, littafin da ke ajiye a kan tebur kowa na iya buɗewa. Masinja ya kai wa sakatare, sakatare ya kai wa shugaba, shugaba ya rubuta a gefen takardar da koren biro cewa a nemi bayani daga sashen da abin ya shafa. Aka ɗauki hoton wasiƙar yadda take, da suna da sa hannu, aka aika wa mutumin da ake zargi domin ya ba da amsa. Na ƙirga hannayen da ta ratsa kafin la'asar ɗin rana ta biyu, shida ne. Kowannensu aikinsa ya yi, kuma in ka tuhume shi zai ce maka ya ɓoye sirri gwargwadon iko.

Nan ne na fara fahimtar cewa matsalar tana cikin jimlar kanta. Wanda ya rubuta “gwargwadon iko” cibiyar yake karewa daga zargi, domin kalmomin ba su ɗora wa kowa wani nauyi da za a iya auna shi ba. Ikon wa? Wa zai yanke hukuncin cewa ikon ya ƙare? In sunan ya fita, wa za a kama? Alkawarin da ba a faɗi mai cika shi ba, ba a kuma faɗi abin da zai biyo bayan saɓa shi ba, fata ne kawai aka yi, kamar a ce wa matafiyi Allah ya kiyaye hanya.

Abin da muka rubuta a madadinta ya fi tsawo, ya kuma fi rashin daɗin karantawa, amma ana iya kama mutum da shi. Muka ce jami'i ɗaya ne mai karɓar rahoto, da mataimaki ɗaya in ba ya nan, kuma an ambaci muƙamansu. Rahoto ba ya bi ta rajista, ba ya bi ta hannun shugaban sashe. Wannan na biyun sai da aka kai ruwa rana a kansa, domin duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san al'adar nan ta cewa wasiƙar ƙaramin ma'aikaci sai ta bi ta hannun na gaba da shi, alhali sau da yawa na gaban ne ake ƙorafi a kansa. Muka ce da zarar rahoto ya iso, jami'in zai ba shi lamba, ya raba sunan da bayanin, sunan ya zauna a kulle a wurinsa, duk wata takarda da za ta fita daga ofishinsa lambar za ta ɗauka. Wanda ake zargi ba za a ba shi hoton wasiƙa ba, za a rubuta masa zarge-zargen da kalmomin jami'in. Sannan muka ƙara jimlar da tsohuwar takarda ba ta da ita sam: duk wanda ya bayyana sunan mai rahoto, ko ya yi ƙoƙarin gano shi, ya aikata babban laifin da ake ladabtar da ma'aikaci a kansa, ko da rahoton daga baya bai tabbata ba.

Wani abokin aikina masanin shari'a, wanda muka yi ta sa-in-sa da shi har ƙarshen aikin, ya ja hankalinmu ga abin da ni na so in tsallake. Ya ce ba za ku iya yi wa mutum alkawarin cewa har abada ba za a san shi ba, domin sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin a saurare shi, kuma kotunanmu ba sa wasa da wannan. Ya tuna mana shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri ta 1986, inda Kotun Ƙoli ta soke korar ɗalibai saboda ba a yi musu adalci wajen sauraro ba. In hujjar da ake da ita duka-duka shaidar mutum ɗaya ce, kamar yadda yakan faru a ƙarar cin zarafin mata, za a kai wani matsayi da ba za a iya hukunta wanda ake zargi ba sai mai ƙorafi ya fito fili. Gaskiya ya faɗa, ko da yake ta yi mini ɗaci. Don haka maimakon mu yi alkawarin da ba mu iya cikawa, sai muka lissafa yanayin da suna zai iya fita, ba su wuce biyu ba: in mai rahoton ya amince a rubuce, ko in kotu ko doka ta tilasta. A yanayi na biyu dole a sanar da shi tun kafin a bayyana, a gaya masa wa za a gaya wa da dalili. Wannan ba ƙirƙirarmu ba ce, haka dokar Tarayyar Turai ta 2019 kan kare masu kwarmato ta tanada. Amfaninsa shi ne mutum ya san girman ramin kafin ya tsallaka.

Sai dai ɓoye suna kansa bai isa ba, kuma labarin mai sito ne ya koya mini hakan. A ce an cire sunansa daga wasiƙar. Wa ya san abin da sandar awo ta nuna a ranakun nan uku? Shi da direban tanka da na gaba da shi. Ko yaro ne zai gane mai rahoton. Bayanin da ke cikin rahoto yakan tona asirin mai shi fiye da sa hannunsa: ranar da ya ambata, takardar da shi kaɗai ke riƙe da ita, har salon rubutunsa da kuskuren da ya saba yi a Turanci. Saboda haka jimlar sirri mai inganci ba ta tsaya a “suna” ba, sai ta ce “suna da duk wani bayani da za a iya gane shi da shi”. Daga nan sai yadda ake bincike ma ya sauya. Da jami'i mai hankali ne ya karɓi wannan rahoto, ba zai tunkari sashen da zancen tanka uku ba. Zai sa mai binciken kuɗi na cikin gida ya duba sayen mai na shekara guda a duk sassan da ke da janareta, ya gwada litocin da aka biya da awannin da injinan suka yi aiki, kamar dai binciken yau da kullum. Giɓin zai fito da kansa daga lissafi, hujja ta zama ta takardu, mai sito kuma ya zama ɗaya daga cikin mutane goma da aka yi wa tambayoyi.

Akwai masu cewa mafita ita ce a bar mutane su riƙa jefa takarda ba suna. Ina goyon bayan a buɗe wannan ƙofa, amma a faɗa wa mutane gaskiyar iyakarta. Wanda ba a san shi ba, ba a iya komawa a tambaye shi ƙarin bayani, ba a kuma iya kare shi in aka gano shi ta wata hanya, tunda babu shaidar cewa shi ne ya yi rahoton. Takardar manufa da ke cakuɗa “a asirce” da “ba suna” kamar abu ɗaya ne, ko dai marubucinta bai san bambancin ba, ko bai damu ba.

Yanzu sai rabin jimlar na biyu, “da kyakkyawar niyya”. A kunne tana da daɗi, wa zai ƙi kyakkyawar niyya? Amma a fayil ɗin na ga yadda aka yi amfani da ita. Amsar wanda ake zargi shafi uku ce, layi huɗu ne kawai suka taɓa maganar mai. Sauran duk a kan mai sito ne: cewa an hana shi ƙarin girma bara, cewa sun taɓa faɗa a kan kuɗin aikin bayan lokaci, cewa hassada ce ke damunsa. Kwamitin bincike na lokacin ya bi wannan hanya, ya shafe zama biyu yana tattauna zuciyar dattijo, ba wanda ya je ya zura sanda a tanki. To, a ce gaskiya ne yana jin haushin na gaba da shi, sai me? Man ya cika ko bai cika ba? Sau da yawa wanda aka ɓata wa ne ke da ƙarfin halin yin magana, wanda ke cin gajiya ai shiru zai yi. Birtaniya ta yi dokarta ta kare masu kwarmato a 1998 da sharaɗin kyakkyawar niyya a ciki, amma a 2013 ta cire shi daga sharuɗɗan samun kariya, ta bar shi kawai a matsayin abin da zai iya rage diyya da kashi 25 cikin 100 a iyakarsa. Ma'aunin da ya rage shi ne ko mai rahoto yana da dalili mai ma'ana na gaskata abin da ya faɗa a lokacin da ya faɗa. Shi muka ɗauka. Muka kuma rubuta ƙarara cewa rahoton da bincike bai tabbatar ba daban, rahoton ƙarya daban, kuma ba a hukunta sai wanda ya san ƙarya ce ya kawo ta. Na ga takardun ma'aikatu da yawa da ke ware sakin layi guda mai zafi a kan hukuncin “rahoton ƙeta”, su ba kariya layi ɗaya. Ƙaramin ma'aikaci ba wawa ba ne, yana karanta tsawon kowanne ya gane saƙon.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kalmar “kora”. Ba a kori mai sito ba, kuma da wannan cibiyar ta riƙa kare kanta. Wata biyu bayan wasiƙarsa aka ba shi takardar tuhuma a kan makara, karo na farko a tsawon aikinsa. Wata na uku aka mayar da shi wani ɗakin ajiyar karyayyun kujeru a can ƙarshen harabar, aka ce sauyin wurin aiki ne na yau da kullum. Alawus ɗin da ke tattare da tsohon aikinsa ya tsaya. Makin da aka ba shi a takardar kimanta aiki ta ƙarshen shekara ya faɗi, sunansa ya fita daga jerin masu jarrabawar ƙarin girma. Kowane mataki in ka ɗauke shi shi kaɗai yana da hujja a ƙa'idojin aiki. Ramuwar gayya a ofis haka take zuwa, a hankali, sanye da rigar doka. Saboda haka dole takarda ta ambaci waɗannan da sunayensu, sauyin wuri da hana ƙarin girma da rage maki da janye aiki da tsangwama, ta kuma rufe da cewa jerin bai ƙare ba. Ta haɗa da ma'aikatan wucin gadi da 'yan kwangila da masu bautar ƙasa da ɗalibai, waɗanda ba sai an kore su ba, ƙin sabunta musu takarda ya isa.

Amma jeri kaɗai ba ya ceton kowa muddin nauyin kawo hujja na kan wanda aka zalunta. Ta yaya mai sito zai tabbatar da abin da ke zuciyar wanda ya sauya masa wuri? Takardun duk suna hannun waɗanda yake ƙara. Dokar Turai da na ambata ta juya nauyin: in ma'aikaci ya nuna ya yi rahoto kuma wata cuta ta same shi, ana ɗauka ramuwa ce har sai wanda ya ɗauki matakin ya kawo dalilinsa. Mun kwaikwayi wannan daidai ƙarfinmu. Muka ce cikin shekara biyu bayan rahoto, ba za a sauya wa mai rahoto wuri ko a ba shi takardar tuhuma ko a rage masa maki ba, sai jami'in kwarmato ya ga dalilin a rubuce tukuna. Wani a kwamitin ya ce wannan zai ba malalata mafaka, kowa ya ga za a hukunta shi sai ya ruga ya kai rahoto. Haɗarin na nan, ban musa ba. Amma wanda ke da hujjar gaskiya a kan malalaci, rubuta ta ba zai gagare shi ba, kuma in an fara tuhumar tun kafin rahoton, kwanan wata zai nuna. Muka kuma saka wa'adi, shi ma daga can muka aro: a shaida wa mai rahoto an karɓa cikin kwana 7, a sanar da shi inda aka kwana cikin wata 3. Shiru ma hukunci ne, kuma shi ke tura mutane gidan rediyo.

Ya kamata in faɗi iyakar duk wannan, kada mai karatu ya ɗauka kyakkyawar jimla garkuwa ce. A Disambar 2016 Gwamnatin Tarayya, ta hannun Ma'aikatar Kuɗi a zamanin Kemi Adeosun, ta fito da manufar kwarmato mai ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin 100 na kuɗin da aka ƙwato. Kowa ya tuna dala miliyan 43 da EFCC ta gano a wani gida a Ikoyi a Afrilun 2017. Amma manufa ce ta ɓangaren zartarwa, ba doka ce da Majalisar Tarayya ta yi ba, kuma a wannan shekarar ce aka sallami Ntia Thompson daga wata hukuma da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje bayan ya kai rahoton zargin almundahana, sai da aka yi ta matsin lamba kafin a mayar da shi. Akwai ɓurɓushin kariya a sashe na 64 na dokar ICPC ta 2000 da sashe na 27 na dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, amma a gefe guda ga dokar sirrin gwamnati ta 1962 da rantsuwar riƙe sirri da ma'aikaci ke yi. Ghana ta riga mu, tana da cikakkiyar doka tun 2006, wadda ta yarda a kai rahoto da baki, har ga sarki ko shugaban addini ko babban gida, a rubuta a karanta wa mutum da harshen da yake ji. Wannan tanadi ya burge ni, domin masinja da mai shara da direba su ne suka fi ganin abin da ke faruwa, kuma su ne takardar Turanci ba ta magana da su. Inda doka ta yi rauni, hanya ɗaya da takardar ma'aikata za ta yi nauyi a gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita ce a shigar da ita cikin sharuɗɗan aiki, majalisar gudanarwa ta amince da ita, ta kuma faɗi sarai cewa rantsuwar sirri ba ta hana kai rahoton laifi ga EFCC ko ICPC ko 'yan sanda ba.

Daftarinmu ya je gaban hukuma ya dawo da gyara. An amince da lamba a madadin suna, da wa'adin kwana 7 da wata 3, da fassarar Hausa. An rage shekara biyu zuwa ɗaya. An ƙi shawararmu ta cewa jami'in kwarmato ya riƙa kai rahotonsa kai tsaye ga majalisar gudanarwa, aka bar shi ƙarƙashin shugaban cibiyar, wanda ke nufin in shugaban ake zargi, an koma gidan jiya. Na rubuta rashin amincewata a shafi guda aka saka a fayil.

Da takardar ta fito na kai wa dattijon kwafin Hausar a ɗakin kujerunsa. Ya sa tabarau ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa, har ya kai wurin da aka ce sauyin wurin aiki yana cikin ramuwa. Ya ɗago ya ce, “Dakta, wannan ta shafi abin da ya wuce?”

Na ce, “A'a, Baba, daga ranar da aka sa hannu take aiki.”

Ya ninke ta biyu ya saka a aljihun gaba, ya ce zai ba yaron da aka ɗora a kan sito, tunda yanzu shi ke riƙe da sandar.